Haruffa 200 Kacal: Yadda Ake Gabatar da Kai ga Baƙo a LinkedIn

Duk wanda ya taɓa neman haɗuwa da wani a LinkedIn ya san ɗan akwatin nan da ke buɗewa idan an danna `Connect` sannan aka zaɓi `Add a note`. Akwatin ƙarami ne, kuma a jikinsa akwai lambar da ke ƙirga abin da kake rubutawa. Mai amfani da shafin kyauta haruffa 200 aka ba shi. Mai biyan kuɗin `Premium` yana da 300. Da zarar ka kai iyaka rubutu ya tsaya, ko kana tsakiyar kalma ne.

An buɗe LinkedIn a shekarar 2003, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016, kuma a ƙarshen 2023 ya sanar da cewa masu rajista sun haura biliyan ɗaya. A can ne ma'aikata da masu ɗaukar aiki da malaman jami'a da 'yan kasuwa ke samun juna. Matashin da ya gama karatu yana iya ganin shafin shugaban kamfanin da yake mafarkin yi wa aiki, amma a mafi yawan lokuta ba zai iya aika masa saƙo kai tsaye ba sai shugaban ya amince sun haɗu. Ke nan waɗannan haruffa 200 su ne maganar farko da za ta shiga tsakaninsu, kuma sau da yawa su ne na ƙarshe.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne wannan: aikin ɗan saƙon nan guda ɗaya ne. Zai amsa tambayar da ke zuwa ran wanda aka aika wa a daƙiƙar da ya ga sunan da bai sani ba, wato "me ya kawo wannan wurina, ni musamman?" Duk kalmar da ba ta taimaka wajen amsa wannan tambaya ba, ta ci gurbin wadda za ta taimaka.

Me ake ƙirgawa?

Kafin a shiga maganar abin da za a rubuta, ya kamata a san yadda ƙidayar take. Ba baƙaƙe da wasula kaɗai ake ƙirgawa ba. Tazarar da ke tsakanin kalmomi harafi ce. Aya harafi ce, waƙafi harafi ne, alamar tambaya ma haka. Don haka haruffa 200 ba su wuce kalmomi 35 zuwa 40 na Hausa ba, wato jimloli gajeru uku ko huɗu.

Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, kowannensu ɗaya ake ƙirga shi a akwatin. Wanda ya saba rubuta k' ko d' a madadinsu yana biyan biyu a kan kowane. Wannan ya sha bamban da saƙon tes na waya, inda harafi mai lanƙwasa guda ɗaya ke rage iyakar saƙo daga 160 zuwa 70. Su kuwa 'yan hotunan nan na murmushi da ɗaga hannu, yawancinsu gurbin haruffa biyu suke ci, wasu ma fiye. Adireshin wani shafi na intanet yana iya lashe rubu'in akwatin shi kaɗai.

Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya rubuta saƙonsa a wani wuri daban, ya gyara shi a natse, sannan ya kwafo. Mai amfani da Excel ko Google Sheets zai iya sa saƙon a gidan farko, ya rubuta wannan a gidan da ke kusa, ya ga adadin nan take:

```
=LEN(A1)
```

Akwai kuma wata iyaka da mutane da yawa ba su lura da ita ba sai sun ci karo da ita. Mai shafin kyauta ba kowace gayyata zai iya liƙa wa saƙo ba. 'Yan ƙalilan ake ba shi a wata, kuma kamfanin ya sha canza adadin. Idan suka ƙare, sai dai ya tura gayyata tsurarta. Saboda haka saƙon kaya ne mai tsada. A adana shi don mutanen da ba su san ka ba, ko waɗanda sun manta da kai. Abokin karatunka da kuke waya kullum ba ya buƙatarsa.

A wayar hannu kuma akwai tarko. A wurare da dama cikin manhajar, musamman jerin mutanen da take ba ka shawarar haɗuwa da su, danna `Connect` yana tura gayyatar nan take ba tare da buɗe akwatin ba. Abin yi shi ne ka shiga shafin mutumin, ka danna ɗigo ukun da ke kusa da sunansa, ka nemi `Personalize invite`.

Abin da ya riga ya gani

Gayyatarka ba ita kaɗai take isa ba. Tana tafiya da sunanka da hotonka da layin da ke ƙarƙashin sunanka, wanda ake kira `Headline`, da kuma mutanen da ku biyu kuka sani. Wannan layin yana ɗaukar haruffa har 220, wato ya fi akwatin saƙon kyauta faɗi. Duk wanda ya gane haka ya samu fili na biyu. Idan layin ya riga ya ce kai injiniyan lantarki ne mai haɗa sola, babu dalilin ɓata haruffa 40 kana maimaita sunanka da takardar shaidarka a cikin saƙon. Idan kuwa layin bai ce komai ba sai "mai neman aiki", to a fara gyara shi kafin a tura ko gayyata ɗaya, domin mai hankali yakan leƙa shafin baƙo kafin ya amince da shi.

Abu na biyu, a jerin gayyata farkon saƙon ne ke bayyana, sauran sai an danna. Mutumin da ke da gayyata talatin suna jiran sa ba zai danna kowacce ba. Idan layin farko gaisuwa ce zalla, saƙonka ya yi kama da na kowa.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ce akwai wani matashi da ya karanta injiniyan lantarki, yana ɗan taɓa aikin haɗa sola a garin Gaya da ƙauyukan da ke kewaye. Ya ga wani babban injiniya ya yi rubutu a LinkedIn kan dalilin da ya sa baturan sola a ƙananan asibitocin karkara ke mutuwa kafin lokacinsu, inda ya ɗora laifin a kan zafin ɗakunan da ake ajiye su. Maganar ta taɓa shi, domin ya ga haka a wurin aikinsa. Yana son haɗuwa da injiniyan, kuma a can ƙasan ransa yana fatan wata rana a samu hanyar aiki. Ga abin da hannunsa zai fara rubutawa:

"Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu. Barka da warhaka, ranka ya daɗe. Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya iyali? Allah ya ƙara girma da ɗaukaka. Na kammala karatun injiniyan lantarki, kuma ina neman aiki. Na ga shafinka ya burge ni ƙwarai. Ina roƙon ka taimaka min da duk wata dama da ka sani. Na gode, Allah ya saka da alheri."

Wannan saƙo na ɗan mutunci ne, wanda aka yi wa tarbiyya. Amma haruffansa 334 ne, ya wuce ko iyakar masu biya. Gaisuwa da addu'a kaɗai sun cinye 151. A akwatin kyauta rubutun zai tsaya cak a kan "kuma ina", bai ma kai ga faɗin abin da yake nema ba.

Tsawo kuma ba shi ne babbar matsalar ba. A sake karanta saƙon, a tambayi kai: akwai kalma ɗaya da ta nuna wa wane ne aka rubuta shi? Babu. Za a iya tura shi ga likita ko ɗan majalisa ko manajan banki ba tare da canza harafi ba, kuma wanda ya karɓa ya san haka. "Shafinka ya burge ni" yabo ne da bai nuna an karanta komai ba. Sannan roƙon da ke ciki ya yi nauyi kuma ba shi da kai. An ɗora wa baƙo aikin tunanin wace dama ce ta dace da mutumin da bai taɓa gani ba. Mafi sauƙi a gare shi ya wuce.

Gyaran yana farawa ne daga abin da matashin ya bari a waje, wato ainihin dalilin da ya sa ya zaɓi wannan injiniya: rubutun batura. Wannan ita ce igiyar da ta haɗa su, kuma ita ce za ta zo daga farko, ita za ta fi cin fili. Ya ambaci rubutun yadda duk wanda bai karanta ba ba zai iya ba:

"Na karanta rubutunka kan baturan asibitocin karkara da zafi ke kashewa da wuri."

Haruffa 79. Jimlar ba ta yi yabo ba, amma ta fi yabo daɗi a kunnen marubuci, domin ta tabbatar masa cewa wani ya karanta har ya gane inda maganar ta dosa.

Sai jimla ta biyu, wadda za ta ce wane ne shi. Ba tarihin rayuwarsa ake so ba. Ɓangaren rayuwarsa da ya taɓa waccan igiya kaɗai ake so:

"Ni ma aikin haɗa sola nake yi a Gaya, na ga haka da idona."

A lura da abin da wannan jimla ta yi. Ta mayar da shi daga mai roƙo zuwa abokin sana'a, ko da ƙarami ne. Sunan garin ya ci haruffa huɗu kacal, amma ya sa maganar ta zama ta mutum mai wuri da aiki. Kuma ta nuna cewa yana da abin da zai iya bayarwa, domin wanda ke rubutu kan asibitocin karkara yana son jin labari daga masu shiga cikinsu.

Jimla ta uku ita ce buƙata, kuma dole ta zama marar nauyi, wadda amincewa da gayyatar kaɗai ta biya ta:

"Zan so in riƙa ƙaruwa da kai."

Ba a nemi aiki ba, ba a nemi lambar waya ba, ba a nemi ganawa ba. Injiniyan zai iya danna `Accept` ba tare da jin ya ɗauki alkawarin komai ba.

Idan aka sa sallama da laƙabi a gaba, godiya a baya, jimillar ta kai 205. An wuce da biyar. A nan ne ake bin saƙon kalma bayan kalma ana tambaya wacce za ta fita ma'ana ba ta ragu ba. Kalmar "aikin" ta amsa, domin "haɗa sola nake yi" ya riga ya faɗi aikin. Ita da tazararta shida ne. Ga abin da ya rage:

"Assalamu alaikum, Injiniya. Na karanta rubutunka kan baturan asibitocin karkara da zafi ke kashewa da wuri. Ni ma haɗa sola nake yi a Gaya, na ga haka da idona. Zan so in riƙa ƙaruwa da kai. Na gode."

Haruffa 199. Sallama tana nan, girmamawa tana nan, godiya tana nan, kuma babu wani mutum a duniya da za a iya tura wa wannan saƙo sai wannan injiniyan.

Da a ce matashin yana da 300, me zai yi da ƙarin ɗarin? Jarabawar ita ce a dawo da gaisuwar da aka cire. Abin da ya fi shi ne a ƙara wa igiyar ƙarfi da wani abu da ido ya gani: "A wani asibiti, baturan ba su kai shekara biyu ba, kuma ɗakinsu ba taga." Da wannan saƙon ya kai 272, kuma ya ba injiniyan abin da zai iya amsawa a kai. Sauran 28 a bar su. Ba farilla ba ne a cika akwatin.

Ina gaisuwar ta tafi?

Na san wannan shi ne wurin da zai yi wa Bahaushe nauyi. An rene mu a kan cewa ba a faɗa wa babba buƙata sai an tambayi lafiyarsa da ta iyalinsa da gajiyarsa, kuma wannan tarbiyya ba abin zubarwa ba ce. Amma a duba yadda muke yi a ƙofar gidan da ba a san mu ba. Sallama muke yi, mu faɗi ko su wane ne da wanda muke nema. Doguwar gaisuwa sai an fito, an shimfiɗa tabarma a zaure. Akwatin nan bakin ƙofa ne. Gaisuwar tana nan tana jira, za a yi ta a saƙon da zai biyo bayan an amince, inda fili yake a yalwace.

Abin da ke ɗauke da girmamawa a gajeren saƙo shi ne laƙabin da ya dace. Injiniya, Dakta, Farfesa, Malam, Malama, Hajiya, Alhaji, Barista: kowanne bai kai haruffa goma ba, kuma yana nuna ka san da wa kake magana. A ɗauko shi daga shafin mutumin, kada a ƙaga. Idan ratar shekaru ko muƙami ta yi yawa har mutum ya ji ba zai iya ba sai da "ranka ya daɗe", haruffa 13 ne, ana iya nemo musu gurbi. Abin gudu shi ne gajarta kalmomi irin na hirar abokai, kamar "slm" da "ngd". Haruffan da aka tsira da su ba su kai darajar da aka zubar ba.

Harshen saƙon kuma na wanda ake aika wa ne. Idan da Turanci yake rubutu a shafinsa, ko da Faransanci kamar yawancin ma'aikata a Nijar, a rubuta masa da shi. Tsarin bai canza ba: abin da ya haɗa ku, wane ne kai game da wannan abin, sai buƙata marar nauyi. Sallama ma a duba wanda ake yi wa, a zaɓi gaisuwar da ta dace da shi.

Idan igiyar wata iri ce

Ba kullum rubutu ne ke haɗa mutane ba. Wani lokaci an gamu ne ido da ido a wurin taro. A nan aikin saƙon shi ne tunatarwa, kuma lokaci yana da muhimmanci. A tura a ranar ko washegari, kafin fuskoki su cakuɗe a ran mutumin. A faɗi abin da zai bambanta ka da sauran waɗanda suka gaishe shi:

"Hajiya, barka da aiki. Mun gaisa jiya bayan jawabinki kan lamunin manoma. Ni ne na yi tambaya kan masu noman rani. Zan so mu ci gaba da maganar idan kin samu sarari."

Wannan 165 ne. Mutum ashirin sun gaisa da ita, amma mutum ɗaya ne ya yi wannan tambaya.

Wani lokaci kuma wani ne ya turo ka. Wannan ita ce igiya mafi ƙarfi, don haka sunan wanda ya turo ka shi zai zo a jimlar farko. Sai dai da sharaɗi: a nemi izininsa tukuna. Wanda ka aika wa zai iya ɗaga waya ya tambaya, kuma idan aka ce ba a san zancen ba, ka yi asarar mutum biyu a lokaci guda.

Akwai wuri guda da ya halatta a ambaci aiki kai tsaye, shi ne idan mutumin jami'in ɗaukar ma'aikata ne kuma shi ya tallata gurbin. Shi aikinsa ke nan, bai ɗauke shi roƙo ba. Ko a nan ma sai an kama suna: wane gurbi, ka riga ka nema ko ba ka nema ba, da ƙwarewa guda ɗaya da ta yi daidai da abin da suka ce suna so. "Kowane aiki zan yi" yana nuna tsananin buƙata, amma bai ba jami'in abin da zai kama ba.

To, idan ka duba ka rasa igiya fa? Ba ku gamu ba, ba wanda ya haɗa ku, ba ka karanta komai nasa ba. Amsar ita ce lokacin gayyata bai yi ba. Akwai `Follow`, wanda ke ba ka damar ganin rubuce-rubucen mutum ba tare da neman amincewarsa ba. Ka bi shi na wasu makonni, ka karanta, ka fahimci abin da ya dame shi a sana'arsa, igiyar za ta samu da kanta. Ƙaga alaƙar da babu ita, ko kwafo saƙo guda ana raba wa mutum hamsin, ya fi rashin saƙon muni. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Yadda za ka gane akwai matsala

Shafin ba ya sanar da kai idan an yi watsi da gayyatarka, don haka sai ka bincika da kanka. A ƙarƙashin `My Network` akwai wurin sarrafa gayyata, inda sashen `Sent` ke nuna waɗanda ka tura da ba a amsa ba. Shirun mutum ɗaya ba ya nufin komai. Mutane da yawa sukan yi wata ba su buɗe shafin ba. Amma idan ka tura goma masu saƙo, makonni suka wuce babu wanda ya amsa, to a koma a duba abu biyu: jimlar farko ta saƙon, da shafinka kansa. Sau da yawa laifin na shafin ne, ba hoto, ba bayanin aiki, ba abin da zai gaskata abin da saƙon ya faɗa.

Yin harbin kan mai uwa da wabi yana da hukunci. Wanda ya ƙi gayyatarka yana da zaɓin shaida wa shafin cewa bai san ka ba. Idan irin wannan ya yi yawa, ko gayyatocin da ba a amsa ba suka taru, ana iya dakatar da kai daga turawa na wani lokaci. Masu yawan turawa kuma sukan ci karo da shinge a wajen gayyata 100 a mako.

A yi hattara da gaggawar janyewa. Idan ka danna `Withdraw` don ka gyara kuskure ka sake turawa, za ka iya jiran har mako uku kafin a ba ka damar sake gayyatar mutumin. Babu kuma hanyar gyara saƙon bayan ya tafi. Shi ya sa karatun ƙarshe kafin turawa ya zama dole, musamman laƙabi da jinsin wanda ake magana da shi. "Rubutunka" ga mace kuskuren harafi ɗaya ne, amma ya isa ya nuna ba a kalli ko hotonta ba. Gayyatar da aka bari kuwa takan mutu da kanta bayan wata shida.

Akwai gwaji guda da nake ba kowa shawarar yi kafin ya danna `Send`. Ka rufe laƙabin da yatsa, ka karanta sauran. Idan saƙon zai dace da wani mutum daban, bai gama nuna ba. Ka koma shafin mutumin ka nemo abin da yake nasa shi kaɗai.

Bayan an amince

Amincewa ba ita ce manufa ba, kuma a nan ne da yawa ke ɓata abin da suka gyara. Minti biyu da karɓar gayyata sai ga takardar neman aiki da dogon labarin halin da ake ciki. Wanda ya karɓa zai ji an yaudare shi, domin an ce ana son ƙaruwa da shi, ashe wata manufa aka ɓoye.

Matashinmu na Gaya abin da ya dace ya yi shi ne ya cika abin da ya faɗa. Ya yi gaisuwar da ya ajiye, cikakkiya, da godiya. Sannan ya ci gaba daga inda saƙon ya tsaya: ya ba da labarin ɗakin baturan da ya gani, irin baturan, yadda rufin kwano ke gasa su da rana, abin da ya gwada don iska ta shiga. Ya rufe da tambaya ɗaya da injiniyan zai iya amsawa cikin layi biyu, misali ko ya fi kyau a fitar da baturan zuwa wani ɗaki ko a buɗe wa ɗakin tagogi. Idan amsa ta zo, ya gwada shawarar, ya dawo da sakamakon. Maganar aiki tana da ranarta, kuma za ta fi sauƙin faɗa bayan injiniyan ya ga yadda yake tunani da yadda yake riƙe magana. A lokacin, ko bai samu gurbi a wurinsa ba, injiniyan yana da abin da zai faɗa a kansa idan wani ya tambaye shi ko ya san mai haɗa sola abin dogaro a wajen Gaya.